Na yi mata wasan aure a ofis, ta rufe kularta ta tashi

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29, ban yi aure ba, ina aiki a wani ofis a Kaduna. Ranar Talata wata abokiyar aikinmu ta kawo dambun shinkafa, muna ci mu shida, sai na ce: 'Irin wannan hannu ai a kicin ɗina ya kamata ya ƙare, faɗi sadakin kawai in biya.' Maza suka fashe da dariya, ita kuwa ta rufe kularta ta tashi. Da daddare na tura mata saƙo uku a WhatsApp, ta karanta ba ta amsa ba. Yau Alhamis, gaisuwa kawai ke haɗa mu. In saya mata wani abu ne, ko in tura wata ta roƙar mini ita? Wallahi wasa nake, kuma a gaskiya tana burge ni."

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka saya mata komai, kada ka tura kowa, kuma kada ka ƙara saƙo na huɗu. Abin da ya rage maka magana ce da ba za ta kai rabin minti ba, sannan makonni na kama kai. Amma kafin in ba ka kalmomin, bari mu duba inda abin ya karkace, domin wanda bai san me ya ɓata ba, ko ya ba da haƙuri a gefe zai ba da shi.

Na yi shekaru masu yawa a sashen kula da ma'aikata, kuma yawancin ƙorafin da ke zuwa teburina ba na sata ba ne, ba na makara ba ne. Na baki ne. Wani ya faɗi wata magana, an yi dariya, wata ta daina cin abinci da mutane.

Wasan da ka yi yana da masu shi

Mu Hausawa ba ma ƙin barkwanci, har ma da na aure. Sai dai mun raba shi gida-gida, kowa ya san wanda ya halatta ya tsokana. Kaka tana kiran jikanta namiji "mijina", tana kiran jikarta "kishiyata". Kaka namiji yana cewa jikarsa matarsa ce, har ya yi mata ƙorafin ba ta kawo masa tuwo ba. Ƙanin miji yana shiga gidan wansa yana kiran matar gidan "matarmu". Taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, suna yi wa juna tsiya a gaban kowa, har da karɓar kuɗin shara a watan Muharram. Haka tsakanin garuruwa da ƙabilu: Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe. A Nijar wannan al'ada ta wasanni ta yi ƙarfin da har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Lura da abin da duk waɗannan suka haɗa. Izinin wasan ba mai yin sa ne ya ba kansa ba, gado ne, an haife su sun tarar da shi. Wanda aka tsokana yana da damar ramawa daidai wa daida ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Sannan duk wanda ke wurin ya san matsayin maganar. Idan kaka ta ce "mijina", babu wanda zai tashi ya tafi da labari, saboda kowa ya san ba aure tsakanin kaka da jika.

Maganar da ka yi ranar Talata maganar taubashi ce, kai kuwa ba taubashinta ba ne. Ka ɗauki izinin da ba a ba ka ba. Ita ba ta da hanyar ramawa mai tsabta: in ta yi dariya a ce ta amince, in ta mayar da baƙar magana a ce ba ta san wasa ba, ko ta cika girman kai. Kuma aure tsakaninku abu ne mai yiwuwa, kai saurayi, ita budurwa, saboda haka mutum huɗun da suka ji ba su ajiye maganar a wasa zalla ba. Rabinta sun ɗauke ta gaske. Hanya ɗaya da ta rage mata wadda ba za ta jawo mata magana ba ita ce wadda ta bi: ta rufe kula ta tashi.

Akwai ƙaya ta biyu a cikin maganar da wataƙila ba ka ji ta ba. Ka ce a kicin ɗinka ya kamata hannun ya ƙare. Macen da ta yi karatu, ta sha wahalar neman aiki, take zaune teburi ɗaya da kai, ta kawo abinci don kyautatawa, sai aka mayar da kyautatawar ta zama tallan kanta. Na san ba haka ka nufa ba. Amma haka kunnen mace da yawa zai ji ta, musamman idan a gida kullum ana yi mata zancen yaushe za ta fito da miji. Kuma batun aure a addininmu ba fili ne na raha sakaka ba. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya ce abubuwa uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki da kome. Ba ina cewa maganarka ta ƙulla wani abu ba ne, ba ta ƙulla komai ba. Ina nuna maka cewa mun taso da sanin kalmar sadaki tana da nauyi, ko da dariya aka faɗe ta.

Ni ɓangarenka kawai na ji. Mai yiwuwa akwai wanda ya riga ya kai kuɗin gaisuwa gidansu, mai yiwuwa wani neman aure ne ya lalace mata kwanan nan ka fama mata miki, mai yiwuwa ma ba ta ƙi ka ba, bainar jama'ar ce ta ƙi. Ba aikinka ba ne ka binciko wanne ne. Haƙurin da za ka bayar iri ɗaya ne a kowane hali, kuma tambayarta dalilin fushinta wani sabon kutse ne.

Me ya sa yawan magiya ke ƙara ɓata abu

Ba ka gaya mini abin da ka rubuta a saƙonnin nan uku ba, amma na karanta irinsu da yawa a wayoyin da aka miƙo mini a ofis. Na farko yakan ce "wasa nake fa". Na biyu, bayan minti ashirin, "don Allah ki yi haƙuri in na ɓata miki rai". Na uku, wajen sha ɗayan dare, "shirun nan yana damuna, don girman Allah ki ce wani abu". Dubi yadda maganar ta tashi daga kanta ta dawo kanka. A saƙo na uku ba ita ce aka ɓata wa ba, kai ne ke cikin damuwa, ita ce kuma aka ɗora wa aikin kwantar maka da hankali. Ka kunyata ta da rana, da daddare ka ba ta aikin rarrashinka.

Shi ya sa nake hana mutane magiya. Ba don namiji ya fi ƙarfin ƙanƙan da kai ba, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Matsalar magiya ita ce tana neman a biya ta nan take. Mai cewa "ba zan tashi ba sai kin ce kin yafe" ya mayar da yafiya bashi, yana tsaye a ƙofa sai an biya shi. In ka haɗa ta da Allah da Annabi kuwa ka ɗaure ta ne: ta ce ta yafe alhali zuciyarta ba ta sauko ba, ko ta ƙi ta ji kamar ta yi zunubi. Duk wanda ta zaɓa, ba za ta gode maka ba.

Bari in ba ka labari biyu daga wurin aikina, ba tare da suna ba. Wani matashi ya yi wa wata sabuwar ma'aikaciya irin wannan zolaya a kan lallen da ta yi, ta ɓata rai. Washegari ya tare ta a baranda, ya durƙusa har ƙasa, gwiwa biyu, yana rantse-rantse, masinja da masu shara suna kallo. Yarinyar tana riƙe da fayil, ta rasa inda za ta sa kanta, sai "tashi mana, don Allah tashi" take yi. Maganar lallen mutum uku ne suka ji ta. Durƙuson kuwa kafin azahar har masu gadi sun sani, kuma labarin da ya zaga ba na ban-haƙuri ba ne, cewa aka yi soyayya suke yi sun samu saɓani. Ita ce ta zo ofishina tana kuka, kuma ba lallen ta kawo ƙara ba, durƙuson ta kawo.

Na biyun wani dattijon akawu ne, mai yawan raha. Ya gaya wa wata ma'aikaciya, bazawara, cewa ɗaki ɗaya ya rage a gidansa, ta zo ta cike. Fuskarta ta sauya. Bayan la'asar ya tsaya a bakin ƙofar ofishinta, bai ma shiga ba, ina zaune a ciki muna duba takardu. Ya ce: "Hajiya, maganar ɗazu ba ta kamace ni ba. A yi haƙuri, ba za a ƙara ba." Ta ce, "Ba komai, Malam." Ya juya ya tafi. Ta dube ni ta ce, "Shi ke nan, ya wuce." Kuma ya wuce ɗin, domin ban ƙara jin ya yi mata makamanciyarta ba.

Kyauta ma haka take, ko ta fi muni. Turare ko atamfa daga saurayin da ya gama yi mata maganar sadaki, me kake jin za a kira shi? Toshi. In ta karɓa ta tabbatar da zancen, in ta mayar an samu sabon abin faɗa. Aiken wata kuwa ƙara yawan masu sani ne. Ita ba matarka ba ce da ta yi yaji, balle a tura biko.

Abin da za ka faɗa

Tunda abin ya faru Talata, yau Alhamis, kada ka bari ya kwana ƙarshen mako. Haƙurin ƙaramin laifi yana da kyau cikin kwana ɗaya zuwa uku. In ya wuce mako biyu ya zama tono abin da ta riga ta binne. Gobe Juma'a da safe ya yi, kafin aiki ya kankama.

Wuri yana da muhimmanci kusan kamar kalmomin. Nemi inda ido yake gani amma kunne ba ya ji: bakin teburinta lokacin da na kusa da ita ya tashi, ko bakin ƙofa a buɗe. Kada ka kira ta gefe, kada ka jira ta a wajen ajiye motoci ko inda take hawa adaidaita, kada ka rufe ƙofa. Ka tsaya a tsaye, da ɗan tazara, hannunka ba komai. Kada ka ja kujera, domin jan kujera yana nufin zama, zama kuma yana nufin hira. Ka kira ta da sunan da ake kiranta a aiki, Malama wance ko Hajiya wance, ba wani sunan shagwaɓa ba. Bayan gaisuwa sai ka ce wani abu kamar haka:

"Malama, maganar da na yi ranar Talata a gaban mutane ba ta dace ba. Na sa ki jin kunya, kuma laifina ne. Ki yi haƙuri, ba zan sake ba. Saƙonnin da na dame ki da su ma ki yi haƙuri, ba sai kin amsa ba."

Shi ke nan. Ka ɗan dakata daƙiƙa biyu ko uku ko tana da abin cewa, sannan ka ce "a huta lafiya" ka koma wurinka.

Kowace gaɓa a ciki tana da aikinta. "Yi haƙuri" a Hausa kalma ce mai faɗi. Ita muke gaya wa wanda aka yi wa rasuwa, ita muke gaya wa wanda mota ta watsa wa ruwa alhali ba mu ne direba ba. Har ma akan ce wa mutum "yi haƙuri" da nufin ya daina ƙorafi. Saboda haka ita kaɗai ba ta ɗauke da amsa laifi. Sai ka ambaci abin da ka yi, ka ce naka ne, sannan ta zama ban-haƙuri. Amma ambata ba maimaitawa ba ce. Ka ce "maganar ranar Talata", kada ka sake furta kicin da sadaki, ta riga ta ji su sau ɗaya.

Cewa "a gaban mutane" yana nuna mata ka gane inda ciwon yake. "Ba zan sake ba" shi ne abin da take son ji fiye da komai, domin damuwarta yanzu ba ranar Talata ba ce, ranakun da ke gaba ne: shin duk lokacin da ta buɗe kula sai an yi mata wannan? "Ba sai kin amsa ba" kuma yana sauke mata nauyin da saƙonninka suka ɗora mata.

Akwai kalmomin da za su zo maka baki, ka haɗiye su. "Wasa nake" ita ce ta farko. Ta san wasa kake, ba ta ɗauka da gaske za ka zaro sadaki daga aljihu ba. In ka faɗa, abin da za ta ji shi ne ita ce ba ta gane wasa. "In na ɓata miki rai" ita ma ka bar ta, domin "in" ɗin nan yana nufin kana shakkar an yi laifi, alhali a gabanka ta tashi ta bar abincinta. "Kin san halina" roƙo ne ta saba da abin. "Sharrin Shaiɗan ne" kuwa, ƙanena, Shaiɗan yana da laifuffukansa, wannan dai bakinka ne. Kuma kada ka zagi kanka, kana cewa kai banza ne, ba ka da hankali, ba ka iya barci ba. Mace mai tarbiyya dole ta ce "haba, ba haka ba ne", ka ga ka sake sa ta aiki.

Za ka lura ban sa "ki yafe mini" ba. Neman yafiya abu ne mai kyau, hadisin da ke cikin Bukhari ya umarci wanda ya zalunci ɗan'uwansa a mutuncinsa ko wani abu ya nemi ya warware masa tun a duniya. In kana son faɗa, faɗi sau ɗaya a matsayin roƙo, kada ka tsaya jiran amsa. Ni dai nakan fi son a bar ta ta kawo kalmar da kanta, ta fi daɗi daga bakinta.

Game da saƙonnin, kada ka goge su. In ka danna `Delete for everyone`, ita za ta ga `This message was deleted` sau uku a jere, ga shi ta riga ta karanta, sai abin ya yi kama da ɓoye shaida. Bar su yadda suke. Idan kuwa ba yadda za a yi ku haɗu, misali ta tafi hutu, to wannan maganar dai za ka rubuta, saƙo ɗaya, da rana a lokacin aiki, ba saƙon murya ba, ba 'yar fuskar dariya ko ta kuka, ba hoton zuciya. Ka tura ka ajiye wayar.

Mazan da suka yi dariya

Nan ne yawancin masu ba da haƙuri ke yin rabin aiki. Maganarka ba ta mutu ranar Talata ba, tana aljihun mutum huɗu. A ofisoshinmu na san yadda take tafiya. Ran Litinin wani zai ce, "Ina amaryarmu?" Wani ya ce maka "ango, ango". In ta shigo a yi gyaran murya. Cikin wata guda sunan ya bi ta, har wanda bai ci dambun ba yana kiranta matar wane. Wannan shi ne ainihin abin da take tsoro, domin irin wannan suna yana fita daga ofis, ya kai kunnen wanda ke nemanta ko na yayyenta. Alƙur'ani a Suratul Hujurat, aya ta 11, ya hana izgili da jifan juna da laƙabi, kuma wanda ya kunna wutar shi ya fi cancanta ya kashe ta.

Ba taro za ka kira ba, ba kuma sanarwa za ka yi a zauren WhatsApp na ofis ba, wannan sake ɗora ta a faifai ne. Jira za ka yi. Duk wanda ya fara tayar da zancen, ko tana nan ko ba ta nan, ka tare shi da fuska ba dariya: "A bar maganar nan, ni na yi kuskure tun farko." Kada ka ce "a bari, ba ta so", domin wannan ya mayar da ita mai matsalar, gobe a ce ba a wasa da ita. Ɗora abin a kanka. Za su yi maka tsiya kwana biyu, su ce an ladabtar da kai. Ka shanye. In ka yi haka sau biyu maganar za ta mutu, kuma labarin ka tare ta zai kai mata ba tare da ka faɗa ba. A ganina wannan ya fi ban-haƙurin kansa nauyi a wurinta.

Yadda za ka karanta amsarta

Kusan tabbas za ta ce "ba komai". Kada ka yi saurin murna, "ba komai" kala-kala ce. Akwai wadda ake faɗa a ɗago kai, wani lokaci a ƙara da "Allah ya yafe mana baki ɗaya" ko "ya wuce". Wannan an sauko. Akwai wadda ake faɗa ido na kan takarda, murya a shimfiɗe. Wannan tana nufin na ji, tafi. Ita ma amsa ce, ka karɓe ta haka, kada ka ce "anya kuwa har zuci?" Tana iya yin shiru gaba ɗaya. Tana iya kuma buɗe baki ta gaya maka maganar da ta riƙe tun Talata. In haka ta faru ka yi sa'a, domin wanda ya faɗa maka ya ba ka dama. Ka saurara har ta gama, kada ka katse ta da bayani, ka ce "gaskiyarki ne" ka tsaya nan.

Bayan haka sai aikin da ya fi wuya, wato komawa daidai. Mutane sukan faɗa ɗaya daga rami biyu. Wani ya koma bawa: kullum yana leƙowa, ya ɗaukar mata jaka, ya sayo mata ruwa, yana duban fuskarta ko ta huce. Wani kuma kunya ta juye masa ta zama fushi, ya ɗauke mata wuta, ya daina gaishe ta, ya ce ai daga yau ba ruwansa da ita. Na biyun horo ne, kana hukunta ta don ta nuna ba ta ji daɗi ba, kuma mata suna gane shi sarai. Abin da ake so shi ne ka gaishe ta kamar yadda kake gaida kowa, in aiki ya haɗa ku a yi aiki, ka ci gaba da raharka da mutane a kan ƙwallo da tsadar mai, ita dai ka cire ta daga cikin abin zolaya. In ta sake kawo abinci ta yi maka tayi, ka ci ka ce "an gode, Allah ya saka", kada ka yabi hannu.

Alamar abu ya warware ba a bakinta za ka ji ba. Za ka ga ta dawo cin abinci cikin mutane, ta fara yi maka tambayar aiki kai tsaye maimakon ta aiko wani, wata rana ma ita ta fara gaishe ka. Wani lokaci mako guda ne, wani lokaci wata. Wani lokaci kuma ba a komawa yadda ake da, a tsaya a gaisuwa da mutunci. Haƙƙinta ne, ba ta ci bashinka ba.

Sai jimlarka ta ƙarshe

Ka ce tana burge ka, kuma ina zargin nan ne tushen abin. Samari da yawa in suna son mace suna tsoron a gwale su, sai su naɗe maganar cikin wasa: in ta karɓa an ci riba, in ta ƙi a ce ai wasa ne. Dabarar tana kare mai yin ta, ita kuma ta bar ta a fili. To kada ka kuskura ka haɗa wannan da ban-haƙurin gobe. "Ki yi haƙuri, amma fa gaskiya ina sonki" ya rushe komai, domin ya nuna haƙurin ma wata hanyar shiga ce.

Ka bar wata ɗaya ko biyu su wuce. In ta sake da kai don kanta, kuma niyyarka ta aure ce, sai ka yi maganar a sarari, ba dariya, ba 'yan kallo, sau ɗaya: kana neman izini ka zo gida ku gaisa. In ta ce a'a, ko ta ce akwai wani, ko ta yi ta kauce-kauce, an gama, ba a sake tayarwa. In kuwa har bayan wata biyu gaisuwa ce kawai tsakaninku, ka riga ka samu amsarka, ba sai ka tambaya ba.

Duk abin da na faɗa na tsaran juna ne da magana ɗaya da ta kuɓuce. Da a ce kai ne shugabanta, mai sa hannu a takardar hutunta ko ƙarin girmanta, "ba komai" ɗinta ba zai zama shaidar komai ba, tunda ba ta da ikon cewa akwai komai, sai dai halinka na watanni ya nuna. Da matar aure ce, haƙurin zai fi haka gajarta, a gaban wata babbar mace, kuma ba saƙon waya ko ɗaya. Da maganar ta taɓa siffar jikinta, ko da hannu ya kai, ko da wannan ne karo na uku bayan ta nuna ba ta so, to ya tashi daga wasan da ya ɓaci ya zama cin zarafi, kuma wannan ba a rufe shi da jimla huɗu a bakin teburi. Idan kuma ka je gobe ka tarar ta riga ta kai maganar wurin shugabanni, kada ka tunkare ta kai kaɗai, kada ka nemi ta janye. Ka jira a kira ka, ka faɗi abin da ka faɗa yadda ka faɗe shi, ka ba da haƙurin a gaban wanda ya zaunar da ku.